Neman tallafin sana'a: Yadda kasafin kuɗi ke ɗaga takarda ko ya kayar da ita

A ranar 1 ga Janairun kowace shekara Gidauniyar Tony Elumelu kan buɗe shafinta na TEFConnect domin karɓar buƙatun matasan Afirka masu neman jarin sana'a. Daga wannan rana, ma'aikata da dama a sakatariyar tarayya da sauran ofisoshin Abuja kan sami kansu cikin wani aikin da ba ya cikin jadawalinsu. Ƙane ya turo takarda daga gida a duba masa, 'ya ta gama hidimar ƙasa tana son a gyara mata Turanci, ɗan maƙwabci na neman wanda ya saba rubuta takardun ofis ya sa masa hannu.

Mafi yawan gyaran da ake yi a irin wannan lokaci na jimloli ne. A ƙawata gabatarwa, a ƙara zance kan rashin aikin yi, a ambaci yawan matasan Najeriya. Shafin ƙarshe kuwa, wanda ke ɗauke da lissafin kuɗi, akan leƙa shi ne kawai a ga ko jimillar ta yi daidai da abin da ake bayarwa. Alhali a wannan shafi ne mai tantancewa ke gane ko mai nema ya san sana'ar da yake magana a kai, domin kalma mai daɗi kowa na iya aro, amma yawan buhun abincin da kaji 300 za su ci a mako bakwai sai wanda ya bincika.

Gasar kuma ba ƙarama ba ce. Lokacin da gidauniyar ta fara shirin a 2015, da alƙawarin kashe Dala miliyan 100 kan 'yan kasuwa 10,000 cikin shekara goma, mutum kusan 20,000 ne suka nema aka ɗauki 1,000. A shekarun baya-bayan nan masu nema kan haura dubu ɗari, kowannensu na fatan samun Dala 5,000 da ba a mayarwa. Shirin YouWiN da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ƙaddamar a 2011 ya karɓi buƙatu kusan 24,000 a zagayen farko, aka zaɓi 1,200. Wanda aka ɗora wa karanta ɗaruruwan takardu ba ya da lokacin yi wa kowa uzuri. Da zarar lissafi ya saɓa wa bayani, sai ya wuce zuwa ta gaba.

A fara sanin irin kuɗin da ake nema

Kafin a rubuta ko harafi ɗaya, wajibi ne a tabbatar ko kuɗin kyauta ne ko bashi, domin kalmar "tallafi" a bakin jama'a ta haɗe su duka. Na Gidauniyar Elumelu kyauta ne, haka ma na YouWiN. Amma Asusun Zuba Jari na Matasan Najeriya, wanda Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a ware masa Naira biliyan 75 a 2020 domin 'yan shekara 18 zuwa 35, an tsara shi ne a matsayin rance mai sauƙin ruwa. Bambancin yana shiga cikin kasafi kai tsaye. Mai neman rance dole ya buɗe layi na biyan bashi a lissafinsa, ya nuna daga wane wata zai fara biya kuma daga wace riba. Mai neman kyauta ba ya da wannan nauyi, sai dai ana sa ran ya nuna cewa sana'ar za ta tsaya da ƙafarta bayan kuɗin sun ƙare.

Abu na biyu shi ne yadda ake sakin kuɗin. YouWiN ta riƙa biyan waɗanda suka yi nasara kashi huɗu ne, kuma sai an cika wasu sharuɗɗa ake sakin na gaba. Kasafin da aka gina bisa zaton cewa kuɗi za su faɗo gaba ɗaya a rana guda zai wargaje idan kashi na biyu ya yi jinkirin wata biyu. Don haka ake karanta ƙa'idojin mai bayarwa a tsanake: iyakar abin da ake bayarwa, shekarun mai nema, shekarun sana'ar, da abubuwan da aka hana kashe kuɗin a kansu. Masu bayar da tallafi da yawa ba sa yarda a sayi fili ko a biya tsohon bashi da kuɗinsu, kuma layi ɗaya irin wannan ya isa ya kayar da takarda.

Akwai kuma abin da ya shafi ma'aikacin gwamnati shi kansa. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, amma ya keɓe noma. Wanda ke taimaka wa ɗansa ko ƙanwarsa ya tsaya a matsayin mai ba da shawara. Sunan mai sana'ar ne ya kamata ya fito a rajista da asusun banki, kuma shi ne zai zauna gaban masu tantancewa ya kare kowane adadi.

Daftarin farko: Naira miliyan 3 da ba za su kai mako uku ba

Domin a ga yadda abin yake a aikace, a ɗauki misalin wata matashiya da ke zaune a Kuje, wadda ta gama hidimar ƙasa, ta taɓa kiwon kaji 50 sau biyu a bayan gidansu, yanzu kuma tana neman tallafin da iyakarsa Naira miliyan 3 domin kiwon kajin nama na gidan gona. Farashin da za a yi amfani da su a nan na misali ne domin a ga tafiyar lissafi. Mai nema na gaskiya sai ya je kasuwa ya ɗauko na ranar da yake rubutu.

A daftarinta na farko ta ce za ta fara da kaji 500, ta kuma raba kuɗin kamar haka:

Gina ɗakin kaji: N1,300,000
Janareta: N400,000
Firjin daskarar da nama: N450,000
'Yan tsaki 500: N450,000
Abincin kaji: N300,000
Sauran abubuwa: N100,000
Jimilla: N3,000,000

A ido, kasafin ya yi tsaf. Amma wanda ya san kiwo zai tsaya a layi na biyar. Kazar nama kan ci tsakanin kilo 4 zuwa 5 na abinci daga ranar da aka ƙyanƙyashe ta zuwa mako na shida ko na bakwai da take isa sayarwa. Idan aka ɗauki kilo 4 da rabi, kaji 500 na buƙatar kilo 2,250. Ana sayar da abincin a buhu mai kilo 25, wato buhu 90 ke nan. Idan buhu yana N22,000, kuɗin abinci kaɗai ya kai N1,980,000. Abin da ta ware, N300,000, buhu 13 kawai zai saya, kuma kaji 500 za su cinye su kafin ƙarshen mako na uku, daidai lokacin da cinsu ke fara hauhawa.

Abin da zai biyo baya sananne ne ga duk wanda ya taɓa ganin ƙaramar gona ta durƙushe. Za ta kasance da sabon gini, da janareta, da firji babu kowa a ciki, ga kaji ɗaruruwa na kukan yunwa. Ko ta ci bashi mai tsada, ko ta rage musu abinci su tsumbure, ko ta karyar da su a farashin da dillali ya ga dama. Kuɗin da ya kamata su riƙa juyawa an binne su a bulo da ƙarfe.

Akwai wasu alamu biyu a daftarin da ke tona asiri. Na farko, kowane adadi ya ƙare da jerin sifiri, kuma jimillar ta faɗa daidai kan iyakar tallafin. Wannan na nuna cewa daga sama aka fara: an ɗauki miliyan 3 aka yanyanka ta, maimakon a tara buƙatu daga ƙasa a ga inda suka tsaya. Na biyu, layin "sauran abubuwa" ya ɓoye rigakafi, da gawayin ɗumama 'yan tsaki, da ruwa, da ladan ɗan aiki, da kuɗin mota, waɗanda kowannensu ke da farashin da za a iya sani.

Gina kasafi daga ƙasa

Ƙa'idar gyaran ɗaya ce: kowane layi ya nuna abu, da yawansa, da farashin guda, da inda aka samo farashin. Sannan a raba kasafin gida biyu, kayan da ake saya sau ɗaya su daɗe ana amfani da su, da kuɗin da ake kashewa a kowane zagaye na kiwo. Da matashiyar ta yi haka, abu na farko da ya bayyana shi ne kaji 500 sun fi ƙarfin kuɗin. Sai ta sauko zuwa 300, ta ajiye batun sabon gini, ta nemi kawunta ya ba ta aron tsohon ɗakin kajinsa na shekara biyu a rubuce. Janareta da firji ma suka fita, tunda da ransu za ta sayar da kajin.

Kayan da za a saya sau ɗaya suka koma haka:

Gyaran rufi da ragar ɗakin kaji: N350,000
Mazuban abinci 12 da na ruwa 12, kowanne N4,500: N108,000
Tukwanen gawayi da tamfol na ɗumama 'yan tsaki: N62,000
Tankin ruwa mai lita 1,000: N130,000
Sikeli: N30,000
Jimilla: N680,000

Ko adadin mazuban yana da dalili, domin an ƙiyasta guda ɗaya ga kaji 25. Sikelin kuma, duk da shi ne mafi arha, yana gaya wa mai karatu cewa mai nema ta san ana auna kaji duk mako domin a gane ko abincin da suke ci yana zama nama.

Sai kuɗin zagaye ɗaya na kiwo:

'Yan tsaki 300, kowanne N900: N270,000
Abinci buhu 54, kowanne N22,000: N1,188,000
Rigakafin Gumboro da Lasota da sauran magunguna, N150 kan kowace kaza: N45,000
Dusar katako ta shimfiɗa, gawayi da ruwa: N60,000
Ɗan aiki na wucin gadi, wata biyu: N80,000
Kuɗin mota: N45,000
Jimilla: N1,688,000

A nan abinci ya lashe kusan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin zagayen, wanda ya yi daidai da abin da masu kiwo suka sani. Mai tantancewa da ya ga wannan kaso zai sami natsuwa, kamar yadda kashi 10 na daftarin farko zai sa ya ɗaga gira.

Daga kashewa zuwa samu

Kasafin da ya tsaya a kashe kuɗi rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne nuna abin da zai dawo, kuma a nan ne son zuciya ya fi shiga. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ninka kaji 300 da farashin sayarwa kamar babu wadda za ta mutu. Ko a gonar da ake kula da ita sosai ana rasa wasu, musamman a makon farko da kuma lokacin zafin Maris da Afrilu. Matashiyar ta ɗauki asarar kashi 5 cikin ɗari, wato kaji 15, saura 285.

Idan aka raba N1,688,000 da 285, kowace kaza da ta kai kasuwa ta ci kusan N5,923. Wannan shi ne adadin da ya fi kowanne muhimmanci a takardar, domin shi ke nuna ƙasan farashin da ba za a iya sauka ba. Idan ana sayar da kazar a N7,500, cinikin zagaye ɗaya N2,137,500 ne, abin da ya rage bayan an cire kuɗin kiwo kuma N449,500. Haka nan lissafin ya nuna cewa sai ta sayar da kaji 226 kafin ta mayar da abin da ta kashe. Duk ribar tana cikin kaji 59 na ƙarshe.

Yawan zagaye a shekara ma ana yawan zuzuta shi. Kiwo na ɗaukar mako bakwai, sannan ɗaki na buƙatar kimanin mako biyu a kwashe shimfiɗa, a wanke, a yi feshi, a bar shi ya huta kafin sabbin 'yan tsaki su shigo. Mako tara ke nan, don haka zagaye biyar ne abin dogaro a shekara, ba bakwai ko takwas ba. Zagaye biyar sun ba da N2,247,500, kuma gaskiya ta wajabta a rubuta a fili cewa ba a cire ladan mai sana'ar da tsufan kayan aiki daga ciki ba.

Daga nan sai a jarraba kasafin da mummunan yanayi, tun kafin mai tantancewa ya yi hakan da kansa. A ce abinci ya tashi da kashi 15 cikin ɗari, ƙarin N178,200 ke nan, kuɗin zagaye ya koma N1,866,200. A ce kuma mutuwa ta kai kashi 10, kaji 270 suka rage. Ciniki zai zama N2,025,000, ragowa N158,800. Sana'ar ta ji jiki amma tana tsaye. Idan kuwa a kan wannan farashi ya faɗi zuwa N6,500, kamar yadda kan faru idan kowa ya fito da kajinsa lokaci guda bayan bukukuwa, ciniki zai tsaya a N1,755,000, an yi asarar N111,200.

Wasu kan ji tsoron rubuta irin wannan lissafi, suna ganin tallata rauni ne. A zahiri shi ke ba da damar faɗin matakin da za a ɗauka: sayen abincin mako huɗu a dunƙule tun farko, daidaita shigowar 'yan tsaki domin su isa sayarwa gab da Sallah ko Kirsimeti, da kulla yarjejeniyar farashi da masu saye kafin kaji su girma. Takardar da ta ce babu wani haɗari tana nuna cewa marubucinta bai taɓa rasa kaza ba, wato bai taɓa kiwo ba.

Ramin da ke tsakanin zagaye biyu

Sana'a na iya zama mai riba a takarda amma ta mutu saboda rashin kuɗi a hannu a makon da ake buƙatarsu. Gidajen abinci da otal-otal sun saba karɓar kaya su biya bayan mako biyu ko wata guda. A daidai wannan lokaci ne kuma ake biyan kuɗin 'yan tsakin zagaye na biyu, domin dillalai, waɗanda galibinsu daga wuraren ƙyanƙyasa na yankin Ibadan suke kawowa, sai an biya suke ajiye wa mutum gurbi. Idan kuɗin zagayen farko na hannun masu bashi, ɗaki zai zauna babu kowa, kowane mako na zaman banza kuma yana rage yawan zagayen shekara.

Saboda haka matashiyar ta ƙara layi guda domin cike wannan rami: N270,000 na 'yan tsakin zagaye na biyu, da buhu 8 na abincin mako biyun farko a N176,000, jimilla N446,000. Ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin kaya da na zagayen farko, wato N118,400, domin ko-ta-kwana, tare da bayanin cewa na tashin farashi ne. Bambancin wannan layi da "sauran abubuwa" shi ne an san yadda aka same shi da abin da aka tanade shi dominsa.

Cikakken aikin ya tashi a N2,932,400. Daga ciki, ta ɗauki nauyin N350,000 na gyaran ɗaki daga abin da ta tara a lokacin hidimar ƙasa, abin da take nema ya zama N2,582,400, ƙasa da iyakar tallafin da fiye da Naira dubu 400. Neman abin da lissafi ya nuna ya fi neman duk abin da ake bayarwa ƙarfi, kuma gudummawar mai nema, komai ƙanƙantarta, shaida ce cewa idan sana'ar ta faɗi shi ma zai ji a jikinsa.

Farashin ma yana tsufa. A watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya saki darajar Naira, Dala ta tashi daga kusan N460 zuwa sama da N700 a kasuwar hukuma cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura N1,500. Tsakanin miƙa takarda da shigowar kuɗi akan ɗauki watanni. Shi ya sa ake karɓo takardar farashi daga masu sayarwa biyu ko uku kan manyan kaya, mai ɗauke da kwanan wata, a kuma rubuta a ƙasan kasafi watan da aka ɗauki farashin. Idan da Dala ake bayar da tallafin, a faɗi canjin da aka yi lissafi da shi.

Bayanin da zai raka lissafi

Sai bayan kasafi ya zauna ne ya kamata a rubuta bayanin sana'ar, domin a lokacin akwai abin faɗa. Masu bayar da tallafi kan bambanta a tsarin fom, amma tambayoyin kusan iri ɗaya ne: me za a sayar, wa zai saya, me ya sa wannan mai nema ne zai iya, me kuɗin za su yi, kuma ta yaya za a gane an yi nasara.

A sashen kasuwa ne aka fi ɓata wuri. Cewa Najeriya na da mutum sama da miliyan 200 da ke cin kaza bai gaya wa kowa inda kaji 285 na Kuje za su je ba. Abin da ke da nauyi shi ne a ce an zagaya masu gasa kaza shida da gidajen abinci uku tsakanin Kuje da Gwagwalada, an ji yawan da kowannensu ke saye a mako da nauyin da suke so, kuma biyu daga ciki sun rubuta takardar nuna sha'awar saye. A sashen gogewa kuma, kiwon kaji 50 sau biyu, tare da littafin da ke nuna nawa suka mutu, nawa aka kashe, nawa aka samu, ya fi takardun shaidar halartar taron bita guda biyar amfani.

Manufofi su zama abin da za a iya ƙirgawa: zagaye biyar a shekarar farko, mutuwa ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, ƙara yawan kaji zuwa 500 daga zagaye na huɗu da ribar da aka tara. Batun samar da aikin yi na buƙatar taka-tsantsan. Idan bayani ya yi alƙawarin ɗaukar matasa goma alhali kasafi na ɗauke da ladan mutum ɗaya, takardar ta ƙaryata kanta. Wannan saɓani tsakanin bayani da lissafi na faruwa ne galibi idan mutum ɗaya ya rubuta bayani wani dabam ya haɗa kasafi, ko aka rage yawan kaji a shafi ɗaya aka manta da sauran.

Hanyar kama shi mai sauƙi ce. A ɗauki biro a ja layi ƙarƙashin kowane aiki da bayani ya ambata, a nemo kuɗinsa a kasafi. Sannan a juya, a bi kowane layin kasafi a nemo inda bayani ya yi maganarsa. Idan an ce za a riƙa kai wa masu saye kaya har gida, ina kuɗin mota? Idan an sa tankin ruwa, ina aka faɗi matsalar ruwan unguwar? Duk abin da ya fito a gefe ɗaya kawai, ko a ƙara shi a ɗaya gefen ko a cire shi.

Takardun da kan tsayar da mutum a ƙofa

Akwai waɗanda takardarsu ke tsallake tantancewa amma kuɗi su maƙale saboda shaidu. Yawancin shirye-shirye na neman lambar NIN da BVN, wasu kuma na buƙatar rajistar sunan kasuwanci daga Hukumar CAC, da lambar biyan haraji, da asusun banki da sunan sana'ar. Matsalar da ta fi yawa ita ce saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin waɗannan takardu, kuma gyaranta kan ɗauki makonni. Wanda ya bari sai an kira sunansa kafin ya fara bin layin gyara na iya rasa gurbinsa. Haka kuma, neman tallafin Gidauniyar Elumelu kyauta ne, duk wanda ya nemi a biya shi domin ya sa sunan wani a jerin waɗanda za a zaɓa ɗan damfara ne.

Ga ma'aikacin da aka kawo wa takarda ya duba, taimakon da ya fi gyaran Turanci shi ne ya zaunar da mai ita, ya rufe takardar, ya yi masa tambaya uku. Nawa kaza ɗaya ke ci maka kafin ta kai kasuwa? Guda nawa za ka sayar kafin ka mayar da kuɗinka? Idan mai saye ya riƙe maka kuɗi wata guda, da me za ka sayi abincin zagaye na gaba? Ko ɗinki ne, ko matsar man gyaɗa, ko gyaran waya, tambayoyin ba sa canzawa, sunan kayan ne kawai ke canzawa. Idan ya amsa ba tare da leƙa takarda ba, a gyara masa jimlolin ya miƙa. Idan ya yi shiru, kasuwa ya kamata ya koma da biro da littafi, tun wa'adin bai ƙure ba.